Mai Guga da Manaja

A wurin wankin otal ɗinmu, Iya mai guga ta shekara goma sha tara. In manaja ya shigo yana ihu, ita sai ta kashe dutsen guga, ta tsayar da shi a gindinsa, ta dube shi.

Ranar da aka bar tabo a zanen gadon wani baƙo, ya zazzaga mata masifa a gabanmu har jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya tsaya shan numfashi ta ce, "Ranka ya daɗe, wane ɗaki ne?" Ya yi turus, ya ce goma sha biyu. Ta je ta sauya zanen.

Washegari ta same shi shi kaɗai a ofis. Ta ce, "Laifin tabon nawa ne, na gyara. Amma in ka yi min ihu gaban yaran nan, sai su daina nuna min kuskurensu, su dinga cusa shi ƙarƙashin tawul."

Bai ba ta haƙuri ba. Har yau yana yi wa kowa ihu, amma in ya iso ƙofar wurin wanki, sai ya ƙwanƙwasa.