Kanun da Na Yi wa Biki Kafin Layya

Yayata tana da shafi a intanet inda take saka farashin dabbobi na kasuwar shanu ta Potiskum duk Laraba. Ni kuwa da rawar kaina na ɗan kwaleji, na ce mata kanun da ta saka, "Farashin shanu da raguna a Potiskum", kamar sanarwar jana'iza yake. Ta ce in saka nawa na mako biyu, Search Console na Google ya raba mana gardama. Shi ke nuna sau nawa shafi ya fito wa masu bincike a intanet, da sau nawa suka latsa.

Na rangaɗa nawa: "Wayyo! Ka ga abin da ya faru a kasuwa?"

Da lokaci ya cika, sai na ga latsawa ta ƙaru sosai. Nan take na ɗauki hoton allon na watsa a guruf ɗin gidanmu, har da rubuta, "Yaya, a sallama wa gwani kawai!"

Ta kira ni falo, ta jera alƙaluman makonnin biyu da na baya.

"Autanmu, Layya saura kwana nawa? Kowa farashin rago yake nema, dole shafin ya fi fitowa. Duba kason waɗanda suka latsa cikin waɗanda suka gani."

Na duba. Ya faɗi ƙasa da nata. Mutane sun ga wayyona sun wuce abinsu.

Da hannuna na mayar da kanunta. Na je goge hoton, ashe har Kawu na Damagum ya riga ya turo min tafi.