Mita Ɗari Biyar a Bakin Yara

Sunan da aka san ta da shi a makarantar shi ne Jan Biro, domin shekara ashirin da bakwai tana koyar da 'yan aji huɗu, ba a taɓa ganin ta ba jan biro soke a gefen ɗankwali ba. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, amma yara na son ta saboda abu ɗaya: duk maganar da ta fi ƙarfin kansu, ita ke sauko musu da ita ƙasa su ɗauka.

Tun tana 'yar shekara goma ta fara wannan aiki. Mahaifiyarta ba ta yi karatu ba, saboda haka duk takardar da ta shigo gidan ita ake miƙa wa. Wata rana aka aiko daga wurin aikin mahaifinta cewa an dakatar da shi har sai yadda hali ya yi. Ta duba fuskar uwar, ta ce, "Inna, hutu aka ba Baba." Aka yi mako biyu ana murna kafin gaskiya ta fito. Ba a dake ta ba. Uwar ta ce kawai, "Da kin faɗa mini yadda yake, da na san yadda zan tsaya." Tun daga nan, in za ta sauƙaƙa magana, sai ta raba takarda gida uku: yadda aka rubuta, yadda za ta faɗa, da abin da ya canza.

Mijinta ya rasu da daɗewa. Tana zaune da ɗanta da matarsa da jikanta ɗan shekara uku, wanda take kira Maigidana, shi kuma ya ƙi yarda kowa ya ba shi abinci sai "amaryarsa". Ɗan nata yana aiki a wurin narka tsofaffin batura, can bayan layin masu walda.

Wata Litinin da safe hedimasta ya kira ta ofis. Ya tura ƙofa da ƙafa, ya miƙa mata takarda mai hatimi daga ofishin lafiya.

"Malama, an ce a karanta wa yara jibi a taron safe. Na karanta sau biyu, ni kaina sai da na cire tabarau na goge. Ki mayar da ita maganar yara. Amma don Allah kada ki tayar mana da hankalin iyaye."

Ta koma aji, ta ba yara lissafi, ta ja layi biyu a takarda. Jimlar farko ta ce: "Ana sanar da al'umma cewa binciken da aka gudanar ya nuna kasancewar sinadarin dalma, a matakin da ya zarce ƙa'ida, a ƙasar da ke cikin tazarar mita ɗari biyar daga wurin narka batura."

Ta yanka ta uku. Ta rubuta: "Masu aikin lafiya sun gwada ƙasar unguwarmu. Sun sami dalma a ciki. Ta yi yawa, tana sa mutum ciwo." A gida na uku ta sa: jimla ɗaya ta zama uku, "aka gudanar" bai faɗi wanda ya yi ba, ni na faɗa, "ya zarce ƙa'ida" ya koma "ta yi yawa", na ƙara maganar ciwo, domin yaro bai san me ƙa'ida take karewa ba.

Jimla ta biyu ta ce ana shawartar jama'a da su taƙaita cuɗanyar yara 'yan ƙasa da shekara shida da ƙasar yankin. Ta rubuta: "Kada ku yi wasa da ƙasa. Kada ku bar ƙannenku su sa ƙasa a baki. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci." Ta lura a gefe: shawara ta koma umarni, "jama'a" ta koma "ku", 'yan ƙasa da shekara shida sun koma "ƙannenku". Ta daɗe tana kallon kalmar nan. A takardar ofis yaran ba na kowa ba ne, amma a tata kowane ɗaya yana da wa ko ya a ajin da ke gabanta.

Ta uku: "Rashin bayyanar alamomi ba ya nufin rashin kamuwa." Ta mai da ita: "Ko ba ka jin ciwon komai, a kai ka a duba jininka."

A ta huɗu ne biron ya tsaya. "Tufafin ma'aikata na iya zama hanyar kai sinadarin cikin gidaje." Ta ɗaga kai ta dubi ajin. Ta san bakwai a cikinsu da ubanninsu ke fita daga wurin nan da yamma, riguna fari fat da toka. Ta kuma san ƙusar da ɗanta ke rataye tasa rigar, a bayan ƙofar falo, daidai inda Maigidana ke ɓuya in ana wasan ɓuya. Ta rubuta "kayan aikin Baba", ta soke, ta sake rubutawa.

Da aka tashi tara ta kai wa hedimasta. Ya karanta yana girgiza kai.

"Malama, ina aka ce Baba a nan? Ma'aikata aka ce. Kina so yaro ya koma gida yana gudun ubansa?"

"Ranka ya daɗe, in na ce ma'aikata, ba wanda zai gane da gidansu ake."

"To ai gara hakan."

"Gara ga wa?"

Ya taɓa takardar da yatsa. "Kuma ina mita ɗari biyar ɗin? Kin cinye ta. Kin ce unguwarmu. Unguwa ai ta kai har bakin titi."

Nan ya kama ta, ta kuma yarda. Yaro ɗan shekara tara bai san mita ɗari biyar ba, shi ya sa ta jefar da ita, har ta manta ba ta rubuta a gida na uku ba. Amma "unguwarmu" ta fi abin da aka ce faɗi, wani kuma zai ce shi ba ɗan unguwar ba ne alhali yana ciki. Dole a faɗa wa yara daga ina zuwa ina, da wuraren da ƙafarsu ta sani.

Bayan an tashi ta nufi ofishin lafiya. Jami'ar da ta same ta yarinya ce matashiya, idanunta ja don gajiya. Ta karanta gidajen uku a tsaye.

"Mama, wannan ta fi tamu. Abu biyu kawai. Ki ƙara cewa ƙurar dalma ba ta da wari, ido ba ya rarrabe ta da sauran ƙura, kada su ce wurinsu tsaf yake. Sannan kada ki sa yara su taɓa kayan aikin. Ki ce su faɗa wa babba a bar su can wurin aiki."

"Maganar Baba fa?"

"Ki bar ta. Ai ubannin su ne ma'aikatan."

"To, mita ɗari biyar ɗin nan, ina ta tsaya?"

Jami'ar ta buɗe taswira a kan tebur, da zobe da aka zana a tsakiya. Malama ta bi layin da yatsa tana rubutawa: famfon bakin makaranta, shagon mai faci, injin niƙa, filin ƙwallo duka. Da yatsan ya zagayo ta gabas sai ya tsaya. Kullum tana ganin gidanta da nisa da wurin baturan, domin sai an zagaya ta layin masu walda, tafiyar minti ashirin. A taswira ba zagaye. Katangu biyu ne da wani fili tsakaninsu. Gidanta ba a bakin zoben yake ba, yana can ciki.

"Mama, lafiya?"

"Yaro ɗan shekara uku," in ji ta, "in ya daina cin abinci, yana yawan kuka da riƙe ciki, kalmomin da ya iya ma ya rage faɗa..."

"Abubuwa da yawa na kawo haka. Jini ne kawai zai faɗa. Naki ne?"

"Jikana ne."

"Ki kawo shi gobe da safe. Kada ki jira sai an zo gwada 'yan makaranta."

Ta iso gida la'asar sakaliya. Maigidana na zaune a tsakar gida, yana tuƙa murfin kwalba a cikin ƙasa, bakinsa duk ƙura. Bai taso da gudu ba kamar da. Ta ɗauke shi ta wanke masa hannu har sau biyu, surukarta na kallo daga bakin kicin.

"Mama, me ya faru?"

"Bari mijinki ya dawo."

Da ya dawo ta tare shi a ƙofa. "Tsaya nan. Cire rigar da takalmin a waje."

Ya yi dariya. "Yau kuma dokar makaranta ce ta biyo mu gida?"

Ta miƙa masa takardar ofis. Ya bi ta da ido ya ɗaga kafaɗa. "Irin maganarsu ce. An kawo mana ita wurin aiki tun wancan makon, an manna a bango."

Sai ta miƙa masa tata. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Da ya kai "kayan aikin Baba" ya dubi ƙirjinsa, ya dubi yaron da ke miƙo hannu a ɗauke shi. Ya ja da baya taku ɗaya.

"Kada ka zo tukuna," ya ce. "Mama, riƙe shi."

Washegari aka ɗebi jinin. Ranar Laraba ta tsaya gaban yara ɗari uku ta karanta tata takardar, hedimasta na gefe hannu a baya. Da ta ambaci filin ƙwallo aka yi guna-guni. Da ta ce "ƙannenku" sai wata yarinya 'yar aji uku ta ɗaga hannu.

"Malama, ƙanina yana cin ƙasar bango kullum. Zai mutu?"

Malama ta ji "a'a" ta zo mata har bakin harshe. Ta haɗiye ta.

"Ban sani ba ko ta shiga jikinsa. Akwai magani in an gano da wuri. Ki gaya wa mamanki yau a kai shi."

Kafin azahar iyaye mata sun cika ƙofar makaranta, kowace da goyo. Wasu ubanni suka zo da faɗa, wai an haɗa su da 'ya'yansu. Hedimasta ya fito ya tare su, ya ce shi ya sa a karanta, abin da Malama ba ta zata daga gare shi ba.

Sakamakon Maigidana ya fito bayan kwana huɗu. Dalmar ta yi yawa a jininsa, aka kwantar da shi ana ba shi maganin da ke fitar da ita. Likita ya ce za a sake gwaji, kuma kada a mai da shi gidan sai an kankare ƙasar tsakar gida. Abin da dalmar ta riga ta taɓa a kansa, in ji shi, sai ya girma za a gani.

An rufe wurin baturan da sarƙa, ɗanta ya koma dako a tasha. Malama ta ci gaba da aji huɗu, tana zuwa daga asibiti. Wata uku bayan nan, tana tsaye a taga lokacin tara, ta hango baƙin hayaƙi siriri yana tashi daga wani kango bayan injin niƙa. Ta tambayi maigadi ko shara ake ƙonawa.

"Ba shara ba ce, Malama," in ji shi. "Tun shekaranjiya nake ganin ana shiga da batura a baro."