Kuɗin da ke kan hanya

Jan biro nake amfani da shi a ƙarshen wata. Har yau in na ga jan biro a hannun wani, sai in kau da kai.

A lokacin ina akanta a wani kamfanin dillancin fulawa da sukari a Dilimi. Ofishina wani ɗan ɗaki ne a bayan sito, taga ɗaya, ita ma buhuna sun tare ta. Ga sanyin Jos, ga siminti. Da safa biyu nake zama. Idan wata ya mutu sai in karɓo takardar banki, in buɗe littafin kuɗin kamfani, in bi su layi-layi. Abin da ya fito nan ya fito can, in ja masa ja. Abin da ya rage ba ja, shi ne aikina. Cajin banki da kuɗin da kwastoma ya turo kai tsaye ba mu sani ba, sai in shigar da su littafi. Cakin da muka bayar ba a kai banki ba tukuna, in cire shi daga jimillar banki. Kuɗin da littafi ya ce mun kai amma banki bai nuna ba, in ƙara shi, in rubuta a gefe: kuɗi na kan hanya. In jimilla biyu ta zo ɗaya, in sa hannu in kai wa Alhaji, mai kamfanin.

Mai riƙe littafin kuɗin kuma, wato kashiya, Kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi ya kawo ni wurin. Tun da Baba ya rasu, ni da Inna a gidansa muke a Nasarawa Gwom, ɗaki ciki da falo, ba mu taɓa biyan sisi ba. Shi ya biya mini kuɗin makaranta. To ka ji inda igiyar take.

Al'adar wurin ita ce, ranar ƙarshen wata direbobi kan kawo cinikinsu da yamma, banki ya riga ya tashi. Kawu ya rubuta a littafi cewa an kai banki, washegari ya kai. Ba laifi ba ne, kwana ɗaya ne ko biyu. Amma wani wata sai na ga kuɗin kan hanyar ya yi kwana shida bai iso ba. Da ya iso ma a gutsure ya shigo, kashi uku. Na ɗauko telolin banki, wato rasidan ajiyar kuɗi, na duba hatimi. Sai na lura cinikin makon farko na sabon wata shi ma ya makara, na mako na biyu ma haka. Innalillahi! Kuɗin yau ake toshe ramin jiya da shi. Bankin nan fa, a ƙafa ma minti goma ne. Wace irin hanya ce wannan, ta Makka?

Ni ba na iya ɓoye fushi, duk gidanmu an sani. Na sami Kawu a ɗan kejinsa na kashiya yana ɓare goro.

Na ce, “Kawu, kuɗin talatin ga wata ina suka kwana?”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Ke da aka ce ki haɗa lissafi, ya haɗu ko bai haɗu ba?”

“Ya haɗu a takarda.”

“To, alhamdu lillahi. Wata matsala ce ta taso, zan mayar kafin wata ya ƙare. Kada ki tona mini asiri, 'yar nan.”

Na sa hannu. Wata na biyu ramin ya ƙaru, na sake sa hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, takardar ba ta ƙarya a lissafi, kowane layi daidai yake. Kalma huɗu ce kawai ƙarya, wato kuɗi na kan hanya, kuma da hannuna nake rubuta ta.

A wata na uku na gaya wa Inna. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta dube ni.

Ta ce, “Ke kika ga ya ɗauka?”

“Inna, takarda ta nuna.”

“Takarda! Takarda ce ta rufa mana asiri da ubanki ya mutu? Ki rufe bakinki. In kika kunyata shi, ina za mu kwana?”

Wallahi na tsani kaina a lokacin, na tsani gidan, na tsani tuwon da ake aiko mana daga sashensa, kuma ina ci.

Wata na biyar na ce yau dai ƙarshenta. Na haɗa takardar tsaf, na bar wurin sa hannu fari. Na shiga ofishin Alhaji, sai ga Kawu zaune a kan tabarma, sun idar da azahar tare, suna hira. Shekara ashirin suna tare. Alhaji ya karɓa, ya juya ta kai tsaye zuwa ƙasa.

Ya ce, “'Yata, kin manta sa hannu. Ni fa ba karanta takardar nan nake yi ba, hannunki nake dubawa.”

Ya zaro bironsa daga aljihu ya miƙo mini. Kawu yana jan carbi, idonsa a kaina. Na buɗe baki zan faɗa, sai fuskar Inna ta faɗo mini. Na karɓi biron na sa hannu. Har godiya na yi.

Ba a yi mako uku ba odita, mai binciken lissafi, ta zo, wata madam 'yar Filato, mai gilashi da ƙaton suwaita, Hausarta ba ta nuna ba. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta jera takarduna biyar a kan tebur, ta ajiye takardun banki na watannin da suka biyo baya, ta bi kwanan wata da ɗan yatsa. Aikin da na san za a yi ke nan, don shi na yi tun farko.

Ta ce, “Sista, wannan kuɗi yana tafiya da ƙafa ne? Kai ne ka sa hannu duka?”

Na ce ni ce.

“Ka sani, ko ba ka sani ba?”

In na ce ban sani ba, ban iya aikina ba. In na ce na sani, da ni aka yi. Ta dube ni, ta rubuta abin da ta rubuta.

Aka tara mu gaban Alhaji. Kawu ya yi kuka, hawaye sosai. Ya ce tsufa ne, lissafi ya rikice masa, kuɗi sun ɓace a hannunsa bai san ta yaya ba. Sannan ya nuna ni, ko kallona bai yi ba.

“Ai shi ya sa aka ɗauki mai boko, Alhaji. Duk wata tana dubawa ta ce daidai ne. Da ta faɗa mini tun farko, da ba a kai nan ba.”

Ni mai baki, ranar sunkuyar da kai na yi.

Alhaji ya ce ba zai kai abokin shekara ashirin wurin 'yan sanda ba. Kawu ya sayar da filinsa ya biya, aka ce ya je ya huta. Ni kuma Alhaji ya ce, a hankali, ba faɗa, “'Yata, hannunki na dogara da shi.” Aka ba ni albashin wata na kama hanya. Dilimi kuwa ba ta da sirri. Duk inda na kai takardar neman aiki, labarin ya riga ni.

Washegari da sassafe Inna ta taɓa ni ta ce in tashi in je in gaida Kawu, kada ya ga kamar muna riƙe da shi. Na sa hijabi na tsallaka tsakar gida. Yana kan buzu, da shayi a gabansa. Na durƙusa.

“Kawu, ina kwana.”

Ya ce, “Lafiya lau, 'yar nan. Ki ƙara kula a gaba. Ni na yafe miki.”

Na ce, “Na gode, Kawu.”