Ƙosan Sadakar Kaka

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa zuwa gidan rasuwa ta dawo da labarin mamaci ba, sai dai labarin ƙosai. A Birnin Gwari na ƙuruciyata, tun Nasara ba su zo ba, ranar sadakar uku akan toya ƙosai a raba wa masu gaisuwa. Kaka kuwa sana'arta ke nan tun tana budurwa, a gindin tsamiyar kasuwa inda fatake ke sauke jakuna. Don haka in ta shiga gidan makoki takan yi gaisuwa a gaggauce, ta karɓi ƙosanta, ta ɓara shi biyu ta leƙa ciki. Kafin ta iso gida rabin gari ya ji sakamako. Na gidan wane ya sha mai har yana ɗiga. Na gidan wance kuma, in ji ta, da mamacin ya ɗanɗana da ya gode wa Allah da ya riga ya tafi.

Wadda ta fi shan bakinta ita ce maƙwabciyarta a kasuwa, wata tsohuwa mai daddawa. Tare suka tashi, tare suka tsufa, kuma ban taɓa jin sun yi sallama ba tare da zagi ba. Da mijin mai daddawa ya rasu, ƙullun sadakarsa ya yi ruwa, ya watse a kasko, aka riƙa kwasar ɓurɓushi ana ba mutane a tafin hannu. Kaka ta shekara tana ba da labarin, har da kwatance. Mai daddawa ta rantse a tsakiyar kasuwa cewa ba za ta mutu ba sai ta ci ƙosan sadakar Kaka, ta kuma faɗa wa duniya yadda ya fito.

Ina aure a Gayam, da goyo, aka aiko cewa Kaka na nemana. Na biyo masu kawo doya ta cikin daji gabana na faɗuwa, don a zamanin ba a ratsa dajin nan sai da ayari. Na same ta zaune a tabarma, ta rame, amma bakin yana nan.

Na ce, "Ashe ba ki mutu ba? Ni da na zo da yunwar gumba."

Ta ce, "Gumbar uwaki. Zauna, ja'ira. Tafiya ta matso, ina ji a ƙafafuna. Amma na duba gidan nan kaf, babu mai iya toya ƙosan da zai fitar da ni kunya. Gwaggonki in ta ga ƙullu sai hannunta ya tafi tulu. Ba zan kwanta a rami waccan mai warin daddawa tana tafa hannu a kaina ba."

Na yi dariya har goyona ya farka. Ita ko murmushi ba ta yi ba. A nan na gane da gaske take: tsohuwar da ba ta tsoron mutuwa tana tsoron dariyar ƙawarta.

Ni a ganina na iya ƙosai, a gidan na girma. Washegari na jiƙa wake, na surfa a turmi, na wanke har ɓawon ya gama tasowa, na durƙusa a dutsen niƙa. Kaka ta sa aka jawo tabarmarta kusa, da sandarta. Ina miƙa hannu ga ƙoƙon ruwa sandar ta sauka a bayan hannuna.

"Wanka za ki yi masa? Da yatsu ake yayyafawa, shi ma sai dutse ya cije. Ruwan da wake ya sha a jiƙo ya kusa isarsa."

Niƙa da ƙarancin ruwa azaba ce. Ɗan dutsen yana maƙalewa, kafaɗa na ƙara, gwiwa na ƙorafi. Da na gama ta murza ƙullun tsakanin yatsu biyu, ta ce tana jin tsaki-tsaki, in maimaita. Waken da bai niƙu luƙwi ba, in ji ta, ba ya riƙe ɗan'uwansa, yana shiga mai kowa zai kama gabansa. Na maimaita ina zaginta a ciki, wani ma a fili.

Sannan bugu. A ƙwarya, da tafin hannu, gefe guda ba juyawa, har ƙullun ya yi fari ya taso ya yi sauƙi a hannu. Ita ba ta ma kallo, da kunne take aunawa. In tana jin tsal-tsal, ruwa ya yi yawa. In ta ji ƙwaryar tana amsawa da nauyi, sai ta ce in ɗiga kaɗan a ƙoƙon ruwa. Ya nutse, a koma bugu. Ya tsaya a sama, an iso. Kauri kuma a hannu ake ganinsa: in ka ɗebo ya zauna a yatsu, ya faɗi dunƙule guda in ka sake shi. In ya tsiyaye ta tsakanin yatsu kunu ka yi, in ya ƙi sakin hannu kuma ƙosan zai fito da tauri, cikinsa danƙare. Gishiri ba ya shiga sai mai ya yi zafi, shi ma a ɗan abin da za a toya yanzu, don yana kwantar da ƙullu in ya daɗe a ciki.

Haka muka yi ta yi har lokacin girbi ya wuce. Waken gidan ya kusa ƙarewa, 'yan gidan suka ƙoshi da ƙosai har yara na gudu in sun ji ƙanshin mai. Duk wanda na toya sai ta ɓara ta leƙa. Mafi girman yabon da na samu shi ne, "To, wannan ba zai kashe kowa ba."

Wata safiya, ina kwashe kasko, ta ce, "Saura abu guda. Ranar nan gida zai cika da mata, kowa na son lada, kowa zai sa hannu. Masu taimako su ne za su kashe ki. Ki zauna a kan ƙoƙon ruwa in ta kama."

Na ce, "Ke dai ki mutu tukuna, mu ga."

Ta mutu kuwa, bayan sallar azahar, ba hayaniya. Mu jikoki muka yi abin da jikoki ke yi. Muka ɗaura zannuwanta, muka ɗauki sandarta muna kwaikwayon tafiyarta, muka tsare ƙofa sai an ba mu gumba. Na fi kowa iya muryarta. Ban yi kuka ba, hankalina na kan wake.

Ranar uku tun da sassafe na durƙusa a dutse. Na kori mai son karɓata, na kori mai son ƙara ruwa, har aka fara cewa 'yar Gayam ta gaji bakin tsohuwa. Na niƙa, na maimaita, na tara a babbar ƙwarya. Sai goyona ya tsala kuka a ɗaki. Na tashi in ba shi nono.

Da na fito na tarar da dutsen fes, an wanke shi. Gwaggo na tsaye tana share hannu a zane, fuskarta cike da jin daɗin ta yi aikin kirki.

"Na ɗauraye miki dutsen, 'yar nan. Na juye ruwan a ƙullun, kada albarkar wake ta tafi a banza."

Na sa hannu na ɗebo, ya tsiyaye ta tsakanin yatsuna. Na buga, na buga, tsal-tsal kawai nake ji. Na gwada ɗaya a mai, ya baje, ya watse, ya bar ni da ɓurɓushi. Sauran waken gidan busasshe ne, kafin a surfa shi ya jiƙu malamai sun shafa fatiha sun watse. Maza sun fara taruwa a ƙofar gida. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a cikin daji.

Daidai nan mai daddawa ta shigo, tana dogara sanda, da ƙwarya a rufe da faifai. Ba ta gaida kowa ba. Kai tsaye ta zo bakin murhu, ta leƙa kaskon, ta ga ɓurɓushin nan yana yawo. Ta daɗe tana kallo. Na sunkuyar da kai ina jiran tafi.

Ta ce, "Wa ya wanke dutse?"

Gwaggo ta ce ita ce.

"Allah ya ba ki lada. Je ki zauna can nesa."

Ta buɗe faifan. Wake ne surfaffe, jiƙaƙƙe, an tsane shi sarai. Ta dangwarar da ƙwaryar a gabana.

"Niƙa shi ba ruwa, ko ɗigo. In dutse ya cije ki ɗebi wancan kunun naki ki sassauta. Sai ki haɗa ki sake bugu. Ranar sadakar mijina ma wankin dutse ne ya kashe ni, na san za a samu mai neman lada a nan."

Na ce, "Iya, ba ke kika rantse za ki yi mata dariya ba?"

"Zan yi. Amma a fuskarta nake yi. Ba zan tara mata gari ba alhali ba ta da bakin ramawa. Niƙa, kina ɓata mini lokaci."

Na niƙa kamar zan fasa dutsen. Ita kuwa ta jawo ƙoƙon ruwa ta kife, ta zauna kusa da shi da sanda a cinya, ba wadda ta ƙara matsowa. Na haɗa sabon da tsohon, na buga har hannuna ya mutu. A hankali ƙwaryar ta fara amsawa da nauyi, ƙullun ya yi fari ya taso. Na ɗiga a ruwa, ya tsaya a sama. Na ɗebi kaɗan na sa gishiri da albasa da barkono, na saka a mai. Ya nutse, ya taso dunƙule, ya kumbura ya yi ja.

Na tsamo na farko, na juya da shi wajen da tabarmar Kaka take, bakina har ya buɗe zan ce ta ɓara ta gani. Tabarmar na naɗe a jingine da bango. A nan kukan da ban yi ba ya zo mini gaba ɗaya, ina tsaye da ƙosai yana ƙona mini yatsu.

Mai daddawa ta miƙo hannu ta karɓa. Ta ɓara shi biyu ta leƙa ciki, yadda ƙawarta ke yi. Cikin fari ne, da 'yan ƙofofi, ba mai. Ta ci rabi da sauran haƙoranta.

Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Ta ƙulle ɗaya rabin a gefen zanenta.

"Ba komai. In na je zan faɗa mata da kaina."