Ƙuli-ƙulin Gidan Iya

Shekarar da muka taso daga Tajaye zuwa Ƙonni ina cikin kulle, ko ƙofar zaure ba na leƙawa. Maigidana yana kabu-kabu, abin da yake samu ba ya kai mu ƙarshen wata. Na roƙe shi in kama sana'a, ya ce in yi, muddin ba fita.

Na yi ta shawara da zuciyata. Awara ba ta kwana, in ta yi kwantai an yi asara. Taliya sai da injin murzawa, ba ni da shi. Gyaɗa kuwa na iya ta tun a ɗakin uwata: a soya, a murje, a kai inji, a matse mai da ruwan zafi, tunkuzar a toya ƙuli-ƙuli. Sai na kama ta.

Ɗiyata ta fari ke kai niƙa, in ta taso daga lakwal, wato makaranta, ta ɗauki talla. Man kuma wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da muke kira Iya, ita ke shiga da shi gida-gida, in ba ta la'ada. Mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki marayu. Hannuna ya yi albarka, har masu shayi na tasha suka fara aikowa.

Wata rana ɗiyata ta dawo da wuri tana murna.

"Inna, yau ma na riga jikar Iya sayarwa. Nata ko rabi bai tafi ba."

"Me take sayarwa?"

"Ƙuli-ƙuli mana. A da duk unguwa nasu ake saye."

Ban taɓa shiga gidan Iya ba, ban kuma taɓa tambayarta da me take ci da marayun nan ba. Wata da watanni tana tallata man wadda ta kashe mata kasuwa.

Da ta zo ɗaukar kwalabe na kasa duban idonta.

"Iya, don me ba ki faɗa mini ba?"

"In ce me, ɗiyata? Kasuwa ta Allah ce. Kuma ƙarfin matsa ya ƙare mini, naki ya fi nawa."

Da faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na bar ƙuli-ƙuli. Na ci gaba da matsar mai, tunkuzar in sayar mata da araha ta toya, ɗiyata ta koma tallan yaji da kuka. Masu shayi suka yi ta aike, wasu suka koma wani gida, ba su dawo wa Iya ba. Maigidana ya ce na cika kunya, ciniki ba ya son haka.

Iya ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu. Ranar ta'aziyyarta aka bar ni na fita, ran nan na fara ganin cikin gidanta.