Man Shanun Rufa'i Manaja

Ba wanda ya naɗa Rufa'i manaja. Shi ya buga kati a Sakkwato, ya sa hotonsa da baƙin tabarau, ya rubuta "Manaja" a ƙasa, mutanen Tambuwal kuwa ba sa ƙin abin dariya idan kyauta ne, sai suka karɓa.

Ɗan Fakku ne, ta ƙasar Kebbe. Mahaifinsa ya rasu ya bar shanu kaɗan, aka raba, Rufa'i ya tashi da karsana ɗaya, fara mai baƙin kunne, tana kiwo cikin shanun mahaifiyarsa Inna Hadijatu. Duk abin da ya mallaka a duniya ke nan, in ka cire waya da tabarau. Ya taɓa sayar da cajar waya, ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa dillancin babura. Kowace sana'a yakan fita daga cikinta da bayani mai tsawo a kan yadda mutanen ƙasar nan ba su waye ba.

Daga baya ya gano wata kasuwar intanet, irin wadda kake sa hoton kayanka, mai saye ya biya da kati, su riƙe kuɗin sai kaya ya isa, sannan su cire nasu su turo maka saura. Ya sa man shanun Inna, soyayye, a ƙaramar roba: naira dubu huɗu, har da kai wa mai saye. Matan Sakkwato da Birnin Kebbi suka yi ca. Taurari biyar suka jeru a ƙarƙashin sunansa, yabon masu saye ke nan, ya riƙa nuna su a teburin mai shayi kamar lambar yaƙi.

Mansur, ɗan kawunsa, yana da rumfar cirar kuɗi a bakin tasha. Taubasai ne, saboda haka ba a yi wa juna sassauci.

"Bawana," in ji Mansur wata rana, "nawa kaka sayen man ga?"

"Saye? Ji ƙauyanci! Shanun gidanmu ne. Wa ka sayen abin gidansu?"

"In Inna ta kai shi kasuwar Kebbe, nawa za a ba ta?"

"Dubu biyar. Amma ai ba ta kai ba."

"Wato kai ka hutar da ita. Allah shi saka ma. Zamna in ji sauran."

Rufa'i ya zauna don a ga bai ji tsoro ba. Mansur ya riƙa tambaya yana lanƙwasa yatsu. Roba da takardar liƙawa, ɗari huɗu. Ɗan acaɓa daga Fakku zuwa Tambuwal a kan wannan hanya mai karya ƙugu, in an raba wa kowace roba, ɗari shida. Direban motar da zai kai wa mai saye, dubu ɗaya. Da kuɗin man, dubu bakwai cif.

"Su masu kasuwar nawa suka cirewa?"

"Goma cikin ɗari kacal."

"Masu karɓar kuɗin kati fa?"

"Biyu. Abin da bai kai ya kawo ba."

"Ni da wanga biyun da kake renawa nika ci da iyali. To riba nawa kaka so?"

Rufa'i ya gyara tabarau. "Sha takwas cikin ɗari. Mu manya ba mu zari."

"Goma da biyu da sha takwas, talatin ke nan."

"Sauƙi! Sai in ɗora talatin cikin ɗari bisa dubu bakwai. Dubu tara da ɗari. Ka ga kwanya?"

"Na ga ƙoƙo dai. Su ba daga dubu bakwai ɗinka suka yanka ba, daga kuɗin da mai saye ya biya suka yanka, duka, har da na mota. In talatin cikin ɗari na farashin ya tafi ga su da ribarka, saba'in ɗin da ya rage shi ne dubu bakwai. Saba'in dubu bakwai, ɗari nawa ke nan? Dubu goma. Kasuwa ta ɗau dubu, masu kati ɗari biyu, ka mai da dubu bakwai, dubu da ɗari takwas taka ce. Ƙasa da haka, wani kaka yi wa bauta."

"Dubu goma! Ka so taurarina su zube? Kai matsalarka, Mansur, ba ka da hangen nesa. Ana kama kwastoma tukuna."

"Kama su da kyau. Ka dai duba wa ya kama wani."

Ya bar farashinsa a dubu huɗu. A lissafinsa yana kashe dubu biyu, ana cire masa ɗari huɗu da tamanin, dubu da ɗari biyar da ashirin na shiga aljihu. Kuma suna shiga ɗin, gaskiya ne. Daga ƙwaryar Inna suke fitowa, ita kuwa abin da take samu shi ne sabulu da "Allah shi bar mana ke."

Sai rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙone, nonon shanu ya ja baya. A daidai lokacin kuma wasu 'yan sari suka gane cewa akwai wani bawan Allah a Tambuwal da ke sayar da man shanu ƙasa da kuɗinsa a bakin garke, har ya biya musu mota. Cikin mako guda oda sittin ta shigo, an biya. Rufa'i ya zagaya tasha yana nuna waya, ya saya wa mutane shayi da ƙwai, sannan ya hau babur zuwa Fakku.

Inna ta buɗe masa ƙwarya. Abin da ke ciki bai fi a shafa wa jariri a ka ba.

"Inna, sittin nika so!"

"To ka faɗa ma shanun, ga su can. Ni na yi masu magana ba su ji ba."

Hanya biyu ta rage. Ko ya soke odar, a mayar wa mutane kuɗinsu, taurarin su zube, ya koma teburin mai shayi a matsayin Rufa'i kawai. Ko ya shiga kasuwa ya sayi mai dubu biyar-biyar, kowace roba ta ci dubu bakwai, a turo masa dubu uku da ɗari biyar da ashirin. Asarar sittin ta haura dubu ɗari biyu, kuma kuɗin masu saye ba za su fito ba sai kaya ya isa.

Mansur ya bi shi har gida. Wannan karon bai yi wasa ba. "Soke, Rufa'i. Tauraro ba shi haihuwa. Karsanar ga baɗi war haka tana da maraƙi."

"Suna ya fi saniya," in ji Manaja.

Ran kasuwa aka ja fara mai baƙin kunne. Inna ba ta fito ba, ta ce a miƙo mata igiyar in an gama, tata ce. Roba sittin suka tafi, kowace cike har wuya, don Rufa'i bai yarda a ce Manaja ba ya gyara ba. Taurarinsa suna nan biyar, ba wanda ya taɓa su. Wata 'yar sari ma ta rubuta masa cewa ba ta taɓa ganin mutumin kirki irinsa ba, ya karanta wa jama'a a tasha da ƙarfi.

Da damina ta sauka nono ya dawo, Rufa'i ya koma Fakku da robobinsa. Inna ta ɗora hannu a kan faifan da ta rufe ƙwarya.

"Dubu biyar, kuɗi hannu. Kamar kowa."

"Haba Inna, ni ne fa!"

"Na gane ka. Shi ya sa."

Yanzu ya gyara farashi, kuma yana so a san shi ya gano dabarar da kansa: dubu tara da ɗari. Yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa talatin cikin ɗari ya ɗora, sha takwas nasa ne. In an cire sha biyun masu kasuwa da kati, da dubu bakwai ɗin da ya kashe, abin da ke saura a hannunsa dubu ɗaya ne da naira takwas. Mansur ya daina gyara masa. Idan ya hango shi tafe da tabarau, sai ya ɗaga murya daga rumfa:

"Manaja! Ina labarin garke?"

Shi kuwa yakan ɗaga waya sama, ya nuna masa taurari.