Kartar da Ta Ci Mudun Benson

Benson mutumin Kachia ne, amma a Hunkuyi ya yi gemu. Awon hatsi yake yi a kasuwa, masara da dawa da waken suya, ana kuma yabon cikar mudunsa. Shekarar da babur ya karya masa ƙafa, zaman jinya ya ishe shi, ya shiga kallon masu rufa-ido da karta a waya. Kafin ƙashi ya haɗe, hannu ya faɗa.

Wasa ɗaya ya fi ƙwarewa a kai. Za ka zari karta, ka duba, ka mayar tsakiya. Ya cakuɗa, ya sake cakuɗawa, yana tambayarka ya mutanen gida, sai ya buɗe ta sama, ga taka. Biki ko suna, Kirista da Musulmi, kowa na kiransa, bai taɓa karɓar komai ba sai tafi. Mutumin da ya saba a kira shi "mai awo" kawai, yanzu ana matsawa a ba shi wuri a kan benci.

Ranar Kirsimeti, Martina, wata 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinsu mai juna biyu, ta zari bakwai ja. Da ya buɗe mata ita, ta dafe ƙirji tana dariya. Ba a jima ba cikin ya zube. Magana ta fara daga bakin rijiya: wanda ya ga abin da ke ɓoye a hannunka, me zai hana shi ganin na cikinka?

"Baban Diana," in ji matarsa Philomena, "an daina sayen ƙosaina. Ka nuna musu yadda ake yi, mu huta."

Ranar Lahadi bayan sujada, Dattijo Henry, babba a dattawan coci, ya tara jama'a a gindin dalbejiya. Benson ya durƙusa ya gaishe su, ya fito da kartar.

"Baba, zari ɗaya." Dattijo Henry ya zara, ya mayar. "To ku dubi hannuna, kada ku dubi fuskata. Kun ga ƙaramin yatsana? Ya tokare 'yar kafa a saman tasa. Na yanke daga kafar, ta dawo sama. Yanzu cakuɗawa. Na ɗebi rabin ƙasa, na sauke guda ɗaya a kan tasa, amma na ɗan turo bakinta wajena. Sauran na zuba su yadda suka ga dama. Sai in laluba wadda ta leƙo, in kwashe duk na ƙarƙashinta in ɗora a sama. Tasa ta koma inda take."

Ya maimaita a hankali, kamar mai koya wa yaro tafiya.

"Yawancinsu da gaske suke gaurayuwa, shi ya sa ido ke yarda. Kunne ya ji ƙarar karta, ya ce an gama. In na tambaye ka lafiyar iyali, dole ka ɗago ka dube ni, ladabi ne. A nan nake aikina. Gobe kuma ka rantse kai ka cakuɗa da hannunka, alhali ba ka taɓa ba."

Ya jira dariya. Ba wanda ya yi.

"Wato duk gaisuwar nan da kake mana," Dattijo Henry ya ce, "tarko ce?"

"Wasa ne, Baba."

Daga baya wata tsohuwa ta ce, "Wanda ya ga dama ya nuna mana ke nan. Na gasken yana gida."

Ran kasuwa, Malam Tukur, wanda ya daɗe yana sayen dawa a wurinsa, ya tsaya ya yi doguwar gaisuwa. Benson ya cusa mudu a buhu, ya ce, "Ya jikin Hajiya?"

Malam Tukur bai ɗago ba. Idonsa na kan mudu.

"Da sauƙi. Juye, ka sake aunawa. A hankali."

Ya sake. Mudu ya cika har yana zuba. Malam Tukur ya karɓa, ya yi godiya, bai ƙara dawowa ba. Masu cewa maye ne suka guje shi, masu cewa ba maye ba ne suka ce ai hannun da ya ruɗi ido a karta ba zai kasa a awo ba. Babu wanda ya taɓa kama mudunsa da ragi. Babu kuma wanda ya ga bukatar kamawa.

Kafin damina ta faɗi ya bar wa Philomena rumfar. Ita ke awo yanzu, shi yana can baya da basilla yana ɗinke bakin buhu. Martina ta haifi namiji a shekara ta gaba. Unguwa duka aka gayyata suna, ban da gidansu.